Geron da Ruwa Ya Taɓa

A wani ƙauye kusa da Dambatta akwai wani yaro mai suna Habu. Shekararsa 10, yana aji 4 a firamare, da yamma kuma yana zuwa Islamiyya. Mahaifinsa manomi ne. Duk shekara bayan girbi yakan ajiye 'yan buhunan gero a ɗaki, sai damina ta yi nisa hatsi ya yi daraja ya riƙa fitarwa yana sayarwa.

Wata rana cikin watan Agusta aka kwana ana ruwa. Da gari ya waye Inna ta shiga ɗakin hatsi, sai ta tarar rufin ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a ƙasa, gindin buhu ɗaya ya jiƙe. Ga shi Baba yana kwance da zazzaɓi, ba kuɗin magani a gida, kuma ranar ce ranar kasuwa.

Inna ta kira Habu ta ce, "Kai da yayanka za ku kai buhun nan kasuwa. Abin da kuka samu ku biya ta kemis ku sayo wa Babanku magani. In da saura, a sayo maka takalmin makarantar da kake ta naci."

Habu ya yi tsalle don murna. Takalminsa ya daɗe da tsinkewa, da zare yake ɗaure shi.

Yaya Sale ya ɗora buhun a kan keke, Habu yana turawa ta baya, har suka isa rumfar masu hatsi. Suka shimfiɗa tabarma. Sale ya kwance buhun, ya juye busasshen geron a gefe. Sai ya tara jiƙaƙƙen a tsakiyar tabarma, ya kwaso busasshen ya lulluɓe shi da kyau. Tsibin ya tashi gwanin sha'awa.

Habu ya ce, "Yaya, me ya sa ka sa jiƙaƙƙen a ƙasa?"

Sale ya ce, "Kai dai yi shiru. In aka gan shi wa zai saya? In na zo awo zan haɗa sama da ƙasa, ba wanda zai gane. Ko ba ka son Baba ya samu magani?"

Habu yana son Baba ya warke, yana kuma son takalmi, don haka ya ja bakinsa. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, domin a makon da ya wuce Malam ya karantar da su wani hadisi a Islamiyya. Imamu Muslim ne ya ruwaito shi daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi. Wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mutum da ya tsiba abinci yana sayarwa. Sai ya cusa hannunsa a cikin tsibin, yatsunsa suka ji danshi. Ya ce, "Mene ne wannan, ya kai mai abinci?" Mutumin ya ce, "Ruwan sama ne ya same shi, ya Manzon Allah." Sai Annabi ya ce, "Me ya hana ka sa shi a sama don mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni."

Ranar Malam ya sa sun maimaita ƙarshen hadisin har suka haddace. Habu ya dubi tsibin da ke gabansa. Nasu ma ruwan sama ne ya same shi, nasu ma an sa shi a ƙasa.

Can sai ga wata tsohuwa ta zo tana dogara sanda. Ta yi sallama, ta ɗibi geron sama ta murza a tafin hannu.

Ta ce, "Masha Allah, geron nan ya bushe. Nawa kwano, samari?"

Sale ya ce, "Naira 2,000, Iya."

Ta ce, "A auna mini kwano 5. Jikata ce ta kusa haihuwa, ajiyewa zan yi saboda kunun jego."

Gaban Habu ya faɗi. Ya san jiƙaƙƙen gero ba ya ajiyuwa. In aka ɗaure shi a buhu da danshinsa, 'yan kwanaki kaɗan zai yi hunhuna, ya yi wari, har ya lalata mai kyaun da aka haɗa su. Tsohuwar ta fara kwance bakin zanenta, tana ƙirga kuɗi a hankali, yawancinsu canji ne da ta daɗe tana tarawa.

Sale ya sa kwano zai ɗiba. Habu ya riƙe hannunsa, muryarsa tana rawa.

Ya ce, "Iya, ki dakata. Na ƙasan jiƙaƙƙe ne. Ruwa ya shiga mana ɗaki jiya da dare."

Sale ya harare shi. Tsohuwa ta cusa hannu cikin tsibin, ta fito da shi da danshi. Ta dubi Sale, shi kuwa ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta juya wurin Habu ta ce, "Ɗan nan, wa ya ce ka faɗa mini?"

Habu ya karanta mata hadisin kamar yadda Malam ya koya musu, bai tsallake ko kalma ɗaya ba. Masu rumfunan kusa suka yi tsit suna saurare.

Tsohuwa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan iyayenka da rahama. To ku ware mini busasshen ku auna."

Sale bai ce komai ba. Ya durƙusa ya fara warewa, Habu yana taya shi. Suka yi tsibi biyu, busasshe dabam, jiƙaƙƙe dabam a fili inda kowa zai gani. Duk wanda ya tsaya, Habu zai ce, "Wannan ruwa ya taɓa shi." Mutane da yawa suka wuce ba su saya ba.

Sai bayan azahar wata mai koko ta tsaya. Ta shinshina geron, ta ce ita dai yau za ta jiƙa shi a kai niƙa, danshinsa ba zai dame ta ba. Amma ta ce ba za ta biya fiye da naira 1,400 a kwano ba. Suka sallama mata.

Da suka biya kuɗin magani a kemis, abin da ya rage bai kai kuɗin takalmi ba. Habu ya tsaya yana kallon takalman da aka jera a wata rumfa, idonsa ya cika da ƙwalla. Ya share da hannun riga, ya bi yayansa.

A hanya Sale ya daɗe bai yi magana ba. Sai da suka kusa gida ya ce, "Habu, ni ma an karanta mini hadisin nan. Tsoron kada kuɗin su kasa ne ya sa na yi abin da na yi. Astagfirullah."

Da suka shiga gida, Sale da kansa ya ba Baba labari, bai ɓoye nasa laifin ba. Baba ya tashi zaune, ya karɓi maganin, ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu zan sha shi hankalina a kwance, tunda da kuɗin halal aka sayo shi. Takalminka kuwa, Habu, sai kasuwa mai zuwa in Allah ya kai mu."

Habu ya ce, "To, Baba."

Baba ya ce, "Sale, hadari yana haɗuwa a gabas. Ku je gidan Kawunku ku aro tsani, ku toshe rufin nan kafin magariba."

Yaran suka fita da gudu.