Waiwayen makon farko: ɗakin kwanciya na maza, ɓangaren likitocin ciki

Juma'a da yamma, bayan tashi daga aiki.

A ajinmu na ilimin abincin marasa lafiya an koya mana cewa tantance ko mara lafiya yana samun isasshen abinci daga sikeli yake farawa: nauyi, tsawo, sai yawan ramar da ya yi cikin wata 3 zuwa 6. A ɗakin nan kuwa da yawa ba sa iya miƙewa, wasu kuma kumburi ya cika musu ƙafa, nauyin nasu rabi ruwa ne. Malamar da ke kula da ni ta ce in riƙa auna dantse da tef, idan ya gaza santimita 23.5 in sa alamar rama a fayil. Zagayen likitoci da safe gudu ake yi, kafin in gama rubuta gado ɗaya an wuce uku.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon gado na 14. Shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya, ta robar hanci ake ciyar da shi. Nauyinsa wajen kilo 60, wato yana bukatar kalori 1,500 zuwa 1,800 a rana. A fayil an rubuta "a ci gaba da ciyarwa", shi ke nan. Da na buɗe fulas ɗin matarsa sai na tarar da koko tsululu, ta tsinka shi ne don kada ya toshe roba. Ban ga laifinta ba, babu wanda ya taɓa zaunar da ita.

Na ce, "Mama, a gida akwai gyaɗa?"

Ta ce, "'Yar nan, mu da muke noma ta?"

Muka tsara kunun gyaɗa da garin waken suya da madarar gari, a tace sosai, a zuba man gyaɗa babban cokali guda, wanda shi kaɗai kalori kusan 120 ne. Na ɗauka gobe za a ba shi cikakken kaso, Malama ta ce a'a. Ya haura kwana biyar cikinsa kusan wayam, idan aka ɗura masa lokaci ɗaya sinadaran fosfet da fotashiyam da magniziyam na jini za su iya faɗuwa, zuciya ta rikice. Da kalori 10 kan kowane kilo a rana aka fara, da bitamin B1, ana duba jini ana ƙarawa.

Masu ciwon suga kuma an riga an tsorata su tun daga gida. Wani ya ce watanni ke nan daga acca sai tuwon alkama, amma malmala uku yake tashi da ita. Sai da na nuna masa dunƙulen hannunsa a matsayin awo sannan ya saki fuska. Masu hawan jini sun bar gishiri, magi kuwa, wanda shi ma gishiri ne a ciki, yana nan cikin miya.

A ganina bayanin abinci a nan ga masu jinya ya kamata ya fi karkata, tunda su ke dafawa su ke bayarwa. Mako mai zuwa zan roƙi Sista ta bar ni in tara su minti goma kafin abincin rana, zan kuma zo da kofi da ludayi irin nasu don mu yi awon tare. Lissafin abincin masu ciwon ƙoda har yanzu yana ɗaure mini kai, Malama ta ce mu zauna a kansa ranar Talata.