Sadiku Rediyo

A layin masu injin ban ruwa na kasuwar Sabon Garin Zariya in ka ce Sadiku ba lallai a gane ba, sai ka ce Rediyo. Yaron shagon Alhaji Mudi ne, kuma maganar gaskiya ya san kaya, ko cikin barci aka tashe shi zai gaya maka wane inji ne ke shan mai wane ne ba ya sha, matsalar dai in ya buɗe baki to sai dai wani ikon Allah.

Wata Laraba, sanyi ya fara shigowa ana ta shirin noman rani, oga ya tafi Kano sari ya bar masa shago. Wajen sha ɗaya sai ga wani dattijo da farar shadda, yaro na biye da shi riƙe da jaka. Suka gaisa, dattijon yace, "Yaro, inji nake nema mai inci biyu, don ka ga mu can wajen Dakace..."

"Haba Baba, inci biyu kuma? Ai wannan na masu wankin mota ne! Zo ka ga mai inci uku, sabon shigowa." Shikenan Sadiku ya kama, ya jawo kwali ya farke, ga tanki ga fulogi ga ƙarfin doki, ya faɗi wanda ya saya daga Soba da wanda ya saya daga Giwa, har labarin wani da ya sayi ƙarami ya dawo yana da-na-sani ya kawo, wanda ni dai ban yarda an yi shi ba. Dattijon ya ɗaga hannu yace "Tsaya ka ji," Sadiku yace "Baba bari in ƙarasa maka, ai ba ka ji farashi ba ma." Ya sake ɗaga hannu, a banza. Ƙarshe ya gyara hularsa yace Allah ya ba da kasuwa, ya tsallaka shagon Ɗan Asabe da ke kallonsu.

Bayan azahar a kan idon Sadiku a-kori-kura ta tsaya ƙofar Ɗan Asabe aka fara lodi. Yana ƙirgawa a zuci. Kwali ashirin da biyar, duk masu inci biyu.

Washegari tun kafin Alhaji Mudi ya zauna labari ya riga ya same shi, kun san kasuwa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Sadiku, guda nawa Alhaji Garba ya zo saye?"

"Bai faɗa ba Alhaji."

"Da wane ruwa yake ban ruwa?"

Shiru.

"Shi ne shugaban manoman rani na wajensu, shekara bakwai a nan yake sayayya. Gonakinsu sun yi nesa da kogin Galma, rijiyar tiyo suke haƙawa, ka sa mata mai inci uku ya zuƙe ruwan nan da nan ya koma jan iska, ga asarar fetur. Abin da yake son gaya maka kenan, kai kuma ka ce masa mai wankin mota." Daga nan ya kafa masa doka, duk wanda ya shigo a ba shi benci da ruwan leda, kar a taɓa kwali sai ya gama maganarsa da kansa.

Wallahi satin farko Sadiku ya sha wuya, sai ka ga bakinsa na motsi yana dannewa, 'yan layi suna ta tsokana wai batirin rediyo ya mutu.

Ana nan wani manomin tumatir ya zo daga Hunƙuyi, kuɗi ƙulle a leda, wai sabon inji yake so nasa ya daina jan ruwa. Mutumin ma akwai surutu, ya faro tun daga tsadar taki, ya bi ta kan bikin 'yarsa, ya zo kan shanun da suka ratsa masa gona shekaranjiya har suka tattake tiyo. Sadiku ya riga ya kai hannu kan kwali, sai ya janye.

"Baba, wane tiyon suka taka, na zuƙa ko na turawa?"

"Na zuƙa."

"Injin yana tashi lafiya?"

"Bugu ɗaya. Ruwan ne dai babu."

"To iska yake sha. Inji lafiyarsa ƙalau, tiyo za ka canza da kilif biyu, ka cika injin da ruwa kafin ka tayar."

Mutumin ya kalle shi ya kalli ledar kuɗinsa yace, "Kai ɗan nan, ba ka son ciniki ne?" Alhaji Mudi na daga ciki yana duba littafin bashi, ko kai bai ɗago ba yace a rage masa ɗari biyar a kuɗin tiyon. Ranar Asabar mutumin ya dawo da ƙaninsa da ke neman inji, ƙanin ya fara bayani Sadiku ya jawo masa benci.

Alhaji Garba kam har yau wajen Ɗan Asabe yake sayayya, in ya zo wucewa sai ya ɗago hannu yace, "Rediyo, ya kasuwa?"