Bayani ga kwamitin lafiya na unguwa kan alƙaluman da ke cikin takardar binciken gidan sauro

Assalamu alaikum. Alhaji shugaban kwamiti, Hajiya shugabar mata, da sauran iyaye da 'yan'uwa, a zamanmu na ranar Asabar kun umarce ni, kasancewata malamin lissafi, da in karanta takardar binciken da aka kawo mana kan kwana cikin gidan sauro a unguwannin Garwa ta ƙasar Kamaru, in fayyace kalmomin da suka jawo gardama. Takardar da Faransanci take, kuma alƙalumanta suna da wutsiya mai tsawo, saboda haka zan kafa misalai da alƙaluma nawa masu sauƙin lissafi, sannan ku gwama su da abin da ke shafukanta.

Abu na farko shi ne ƙaramin harafin nan n da ke saman kowane jadawali. Idan an rubuta n = 400, ana nufin gidaje 400 aka shiga aka yi wa tambaya, kuma su ake kira samfur, yawansu kuwa shi ne girman samfur. Shiga kowane gida aikin ƙidaya ne, irin wadda aka yi a Kamaru a 1976 da 1987 da 2005, kuma tazarar da ke tsakanin shekarun nan ta isa ta nuna nauyin aikin. Mai bincike yana yin abin da mai sayen dawa yake yi a kasuwa ne: ba ya zazzage buhu ya duba kowace ƙwaya, yakan cusa hannu ya ɗebo, ya murza a tafinsa, ya hura, ya duba ko akwai tsakuwa ko cin ƙwaro, sannan ya yi ciniki. Amma duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san cewa mai wayo ba ya tsayawa ga bakin buhu, domin a nan ake ɗora mai kyau.

Wannan ne ya sa yadda aka zaɓi gidajen ya fi yawansu muhimmanci. A 1936 wata mujallar Amurka ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan biyu, ta ce Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, sai ga shi Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye da yawa daga littattafan tarho da rajistar masu motoci, kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa takarda ba su amsa ba. Haka nan, da masu bincikenmu sun tsaya ga gidajen bakin titi, ko ga matan da ke zuwa awo asibiti, da ko gida dubu goma suka tambaya hannunsu bai wuce bakin buhu ba. Ku nemi wurin da takardar ta ce an zaɓi gidajen ta hanyar ƙuri'a, domin duk lissafin da zai biyo baya a kan wannan sharaɗi ya dogara.

Sai kuma abin da ya fi ɗaure wa Alhaji kai, wato alƙaluma biyu da ke cikin baka bayan IC 95 %. Ni ina kiransa tazarar amincewa. Mu ɗauka cikin gidaje 400 an sami 240 da yaransu suka kwana cikin gidan sauro, wato kashi 60 cikin ɗari. Da wata tawaga za ta sake jefa ƙuri'a ta shiga wasu gidaje 400 dabam, da wuya ta sami 240 cif, za ta iya samun 232 ko 249, kamar yadda ɗiba biyu daga buhu ɗaya ba sa zuwa da tsakuwa daidai wa daida. Lissafi yana iya auna girman wannan kai-komo, kuma a misalinmu yana ba da kusan maki 5 sama da ƙasa, don haka za a rubuta 60 % (IC 95 % : 55,2–64,8). Waƙafin da ke tsakiyar 55,2 al'adar rubutun Faransanci ce, a littattafan Najeriya ɗigo za ku gani a wurin. Abin da mai bincike yake faɗa shi ne, gwargwadon gidajen da ya shiga, ainihin adadin na garin gaba ɗaya ya fi dacewa da wani wuri tsakanin 55 da 65, kuma 60 shi ne tsakiyar hasashensa.

Kashi 95 ɗin nan ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Ba ya nufin an tambayi kashi 95 na gidaje, ba kuma yana nufin kashi 95 na mutane sun faɗi gaskiya ba. Yabo ne ga hanyar da aka bi, kamar yadda masanin lissafi Jerzy Neyman ya tsara ta a 1937: da za a maimaita binciken sau ɗari, kowane karo da sabuwar ƙuri'a, kusan 95 daga cikin tazarorin da za a fitar za su kama ainihin adadin, kusan 5 kuma su kuskure shi. Tazarar ba ta san matar da ta ji nauyin baƙo ta ce yara sun kwana a gidan sauro, alhali yana ninke a cikin akwati ba. Irin wannan kuskure ba ya cikin lissafinta sam.

Girman samfur shi ne yake faɗaɗa tazarar ko ya tsuke ta. A kan kashi 60 ɗin nan, gidaje 100 za su ba da kusan 50 zuwa 70, gidaje 400 su ba da 55 zuwa 65, gidaje 1,600 kuma su ba da kusan 57 da rabi zuwa 62 da rabi. Ku lura cewa sai an ninka gidajen sau huɗu kafin faɗin ya ragu da rabi, kuma kowane gida kuɗin mai ne da yinin ma'aikaci. Idan kuma an fara zaɓar rukunin gidaje maƙwabta sannan aka shiga cikinsu, kamar yadda manyan binciken lafiya na ƙasa suke yi, tazarar takan fi haka faɗi, domin maƙwabta sukan yi kama da juna.

A nan ne gardamarmu ta ranar Asabar take. Idan aka raba gidaje 400 unguwa-unguwa, kowace takan tashi da 'yan kaɗan. A ce unguwarmu gidaje 25 aka shiga aka sami 15, wato kashi 60, maƙwabciyarmu kuma aka sami 18 cikin 25, wato kashi 72. A ido an bar mu a baya da maki 12, amma bambancin duka gidaje uku ne, tazararmu kuma ta tashi daga kusan 41 zuwa 79, tasu daga kusan 54 zuwa 90. A ganina, Hajiya, bai kamata a ɗora wa matan unguwa laifin sakaci a kan irin wannan jadawali ba, domin wata ƙuri'ar tana iya juya lamarin.

Alamar p < 0,05 ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Ma'anarta, da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin rukunoni biyu, da samun bambanci mai girman wanda aka gani, ko fiye, zai faru ƙasa da sau 5 cikin ɗari. Iyakar 0,05 al'ada ce da ta yaɗu bayan masanin lissafi Ronald Fisher ya yi amfani da ita a 1925, kuma ba ta cewa bambancin babba ne ko ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Idan Alhaji ya amince, ina ba da shawarar mu gayyaci ɗaya daga cikin masu binciken zuwa zamanmu na gaba, mu tambaye shi yadda aka yi ƙuri'ar, da gidaje nawa suka ƙi amsawa ko aka tarar a kulle, da kuma ko an shiga ɗaki an ga gidan sauron a rataye ko an tsaya ga abin da aka faɗa a zaure. Zan zo da allo da alli, kowa kuma ya riƙo kwafinsa.

Wassalam, ɗanku kuma ɗan'uwanku, malamin lissafi na kwamiti.