Sanarwa ga 'yan hayar gidan marigayi Alhaji Garba, Aboabo, Kumasi

2 ga Yuni, 2025

Iyayena da 'yan'uwana mazauna gida, assalamu alaikum.

Na san maganar ta riga ta fara yawo a unguwa, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina. Mu magadan Baba mun zauna a gaban malamai kan rabon gado, an ga gidan ba zai rabu ɗaki-ɗaki ba sai da rigima, don haka muka amince a sayar. Hajiya Rabi, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetiya, ita za ta saya. In Allah Ya yarda za mu miƙa mata gida ranar 1 ga Satumba.

Kada hankalin kowa ya tashi. Sayar da gida ba ya kashe yarjejeniyar haya. Wanda ya saya, ya saya ne da mutanen da ke ciki da alkawuran da aka yi musu. Duk wanda ya biya kuɗin ɗaki tun gaba, zai zauna har kuɗinsa su ƙare, babu mai ce masa ya sake biya. Kawu Isa, naka ya kai ƙarshen Disamba. Inna Ladi, naki sai Fabrairu. Na rubuta na kowa, lauya zai haɗa da takardun ciniki, Hajiya ta sa hannu.

Ko bayan kuɗin sun ƙare, Dokar Haya ta 1963, mai lamba 220, ba ta yarda a watso wa ɗan haya kaya waje ba, ko a canza kwaɗon ƙofa, ko a cire rufi. In sabon mai gida yana son ɗakinsa, ko don ya zauna da iyalinsa ko don ya rushe ya sake gini, sai ya bi ta kotu. Haka kuma dokar ta hana a karɓi kuɗin gaba da ya wuce na wata shida, duk da kun san yadda ake yi a garin nan. Wanda aka matsa wa, ya kai ƙara ofishin gwamnati mai kula da haya. Amma fa mai riƙe kuɗin ɗaki ba ya biya, shi kotu na iya ba da umarnin a tashe shi.

Hajiya ta ce ba ta da niyyar tashin kowa yanzu. Maganarta ce na isar, ba zan yi alkawari a madadinta ba.

Kafin ranar miƙawa ku ci gaba da biya a hannuna, ku karɓi rasit. Kada ku ba kowa ko sisi da sunan sabon mai gida sai kun ga takarda da sa hannunmu mu biyu. Bashin ruwa da na wuta kuma a biya kafin ƙarshen Agusta.

Ranar Lahadi, 15 ga Yuni, bayan La'asar, zan zo da Hajiya mu zauna a tsakar gida. Kowa ya fito da rasitansa, har tsofaffin da Baba ya rubuta da hannunsa.

Naku,
Alhaji Sani Garba, a madadin magada