Jawabin Gabatar da Gwarzuwar Bana a Walimar Shekara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Shugaban ƙungiya, iyayenmu da malamanmu, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, barkanmu da wannan dare. Na ga har yanzu ana zuba abinci a teburan baya. Ku ci gaba, aron kunnuwanku kawai nake nema.

Akwai yaranmu a nan da suka kama aiki kwanan nan, ba su san mafarin wannan lambar yabo ba. Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka buɗe wuta a wuraren rigakafin shan inna biyu a cikin garin nan na Kano, suka kashe ma'aikata tara. Kayan aikinsu akwatin sanyi ne da alli da alƙalamin shafa wa yaro alama a ɗan yatsa. Allah ya jiƙansu, ya sa aljanna ce makomarsu. Bayan zaman makoki muka tambayi kanmu: wa yake tunawa da mai bin gida gida? Idan aka yi nasara, manya ake kira Abuja a tafa musu. Wadda ta sha rana a lungu, aka rufe mata ƙofa a fuska, sunanta ko a takarda ba ya fitowa. Shi ya sa muka ce duk shekara za mu ɗauko mutum ɗaya daga cikin masu takawa da ƙafa, mu tsayar da shi a gaban jama'a, mu ce mun gani.

Wadda kwamiti ya zaɓa bana ta fara wannan aiki a 2004, shekarar da aka dawo da rigakafin shan inna a Kano bayan dakatarwar 2003. Waɗanda suka yi aiki a lokacin sun san yadda gari yake. Ana ta yaɗa cewa ɗigon yana hana haihuwa. Kuma mu faɗi gaskiya, tsoron mutane yana da tushe, domin ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, wanda yara suka mutu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ita ba ta taɓa kiran kowa jahili ba. Ni shaida ce, don a hannunta na koyi aiki. Akwai wani gida da maigidan ya rantse ba za mu taka masa zaure ba. Na ce mu rubuta sun ƙi, mu kai wa mai unguwa. Ta ce in bari. Da aka yi haihuwa a gidan ta je barka, ba akwati a hannunta. Ranar suna ma ta je. Da ƙyanda ta kama ɗansu, ita ta raka uwar asibiti cikin dare, ta zauna da ita har asuba, kuma ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen rigakafi ba. Aka ɗauki watanni a haka. Ranar da maigidan ya sauko, da kansa ya fito da yaransa huɗu ƙofar gida, ya riƙe ƙaramar aka ɗiga mata ɗigo biyu. Yau ɗaya daga cikin yaran nan tana makarantar koyon aikin ungozoma, kuma ga ta can a teburi na uku.

Bayan harin 2013 da yawa daga cikinmu mazajenmu sun hana mu fita, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Da aka sake kiran zagaye, ita ce ta fara zuwa karɓar akwatinta. Ganinta ne ya sa wasunmu suka samu ƙarfin roƙon izini a gida.

A 2016 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan inna ta kama a Najeriya, a jihar Borno. Ranar 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita. A wannan rana gwarzuwarmu tana wurin awo, tana duba katin jarirai. Har gobe tana fita zagaye duk da ciwon gwiwa, domin ta ce muddin ana haihuwa, aiki bai ƙare ba.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka taso ka miƙa mata wannan lamba da hannunka. Jama'a, ku miƙe tsaye ku taya ni tarbar uwarmu, wadda duka muke kira Hajiya Babba. Hajiya, bismillah, taso a hankali, ga yaranki nan za su riƙe miki hannu.