Babur roba-roba na sayarwa a Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zan sayar da babur ɗina, Haojue 125cc, otomatik, baƙi. Sabo na saye shi a 2021, kuma daga hannuna bai taɓa komawa hannun kowa ba. Ya yi tafiyar kilomita 24,000 da 'yan kai, yawanci daga gida zuwa shago a Asawase, sai Kejetia in zan sari kaya. Dalilin sayarwa: kayan shago sun fi ƙarfinsa, aboboya nake son saye.

Injin lafiyarsa ƙalau. Ba a taɓa buɗe shi ba, ba ya hayaƙi, ba ya shan baƙin mai, kuma duk wata nake juye. Birki gaba da baya suna kamawa, fitilu da hon duk suna aiki.

Ga abin da ke damunsa, gara ku ji daga bakina. Batir ya tsufa: da rana sitata na tashinsa, amma da asuba, musamman lokacin hunturu, sai an buga kik. Tayar baya ta siɗe, ba zan ba kowa shawarar shiga damina da ita ba. Bel ma ya kai lokacin canji, in an ja wuta daga tsaye za a ji yana ɗan karkarwa kafin ya ɗauka. Allurar mai ta tsaya cak, ni da kilomita nake lissafi. Sannan robar gefen hagu ta tsage kamar tsawon yatsa, ranar da wani yaro ya jingina da shi a ƙofar masallaci ya faɗi. An ɗaure da waya, ana gani in an duƙa.

Kuɗinsa sidi 9,500. Da babu waɗannan matsaloli, 11,000 zan nema. Na kai shi wurin fita a Suame Magazine, ya lissafa mini batir, taya, bel da kuɗin aiki kusan 1,200, na ƙara rage 300 saboda allura da tsagin. Ban gyara da kaina ba don mai saye ya zaɓi kayan da ya yarda da su, kada a ce na liƙa masa na arha. Tunda na riga na cire kuɗin gyara, ragin da ya saura kaɗan ne, don Allah kada a taya rabin kuɗi.

Takardun DVLA da sunana suke, inshora na da sauran wata 4. Tare za mu je canjin suna, kowa da Ghana Card ɗinsa. Hular kwano ɗaya da makulli biyu duk na mai saye ne.

Mai so ya aiko saƙo, mu haɗu kusa da kasuwar Aboabo bayan la'asar. Ka zo da fitanka, ku zo injin na sanyi ku tashe shi da kanku. Kuɗi hannu ko MoMo, bayan ka hau ka gwada. Ba na karɓar kafin alƙalami, kuma ba bashi.