Rahoton binciken Korolar da Yaya zai saya

Kano, Alhamis, 16 ga Mayu, 2024

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya Abuja. Na gama binciken da ka sa ni a kan Korolar nan ta 2010, ruwan toka, wadda ake neman naira miliyan 6 da dubu 800. A taƙaice motar ta mai sayarwar ce, Malam Sabo, kuma lambar casis ɗinta ta yi daidai da takardun da suka fi muhimmanci. Sai dai akwai gyara guda biyu da ya kamata a yi kafin kuɗinka ya fita, shi ya sa na ce wa dillalin ya dakata da zancen kafin alƙalami.

Na fara da jikin motar kafin in karɓi kowace takarda, don kada idona ya riga ya saba da abin da aka rubuta. Na tafi da Oga Ɗanladi makanike. Lambar da ke ƙasan gilas ɗin gaba ta ɓangaren direba mun ƙirga ta, haruffa da lambobi 17 cif. Ta fara da 2T1BU4EE, ta ƙare da 418736; cikakkiyarta tana cikin hoton da na tura maka. Wannan 2 ɗin na farko yana nuna a Kanada aka haɗa ta, harafi na goma kuma A ne, wato ƙirar 2010, ba a yi mana ƙarin shekara ba. Oga Ɗanladi ya haska ɗan farantin da tocilan wayarsa ya daɗe yana kallo. Ƙusoshin da suka riƙe shi ba su da tabon sukundireba, ƙurar da ke kansa iri ɗaya ce da ta sauran dashbod ɗin, babu alamar an taɓa shi kwanan nan. Sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba ita ma lambar ɗaya ce, na bi gefenta da farce ban ji ɗagowa ko ragowar gam ba. Daga nan ya jona na'urarsa da kwamfutar motar, ta fito da lambar nan dai. Wannan ce ta fi kwantar mini da hankali, domin masu yi wa motar sata kwaskwarima sukan gyara abin da ido ke gani su bar na ciki.

Ƙananan sitikun da ke bonet da but da ƙofofi duk suna ɗauke da lambar, ban da fendar gaba ta dama, babu komai a jikinta. Malam Sabo ya ce ɗan adaidaita ne ya goge shi a bara aka canza ta. Fentin wurin ya ɗan fi na ƙofa sheƙi, maganarsa ta hau. Lambar inji ta dace da ta takardar mallaka.

Takardun da ya ba ni na asali ne, ban yarda da hoto ba: na kwastam, shaidar mallaka, takardar ba da lamba, lasin, shaidar lafiyar mota, inshora da ta rajistar 'yan sanda. Na shimfiɗa su a kan bonet ina karanta lambar harafi-harafi, Oga Ɗanladi yana bin ta gilas da yatsa.

Takardar kwastam ta nuna ta tashar Tin Kan ta Legas motar ta shigo a 2018. Na duba wannan da gangan, saboda tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, da na ga Seme ko Jibiya da wannan shekarar da a nan zan ajiye maganar. Na kai lambar takardar ofishin kwastam na Bompai aka duba, ta fito da Korola ta 2010, casis ɗaya, an biya haraji. Lambar rajista na sa ta a shafin nvis.frsc.gov.ng na hukumar kiyaye haɗurra, ta nuna Toyota Korola. A wajen 'yan sanda kuma babu rahoton sata a kanta.

Gyara na farko yana kan inshora. An buga 8 a wurin B, wato harafi na huɗu. A shafin askniid.org inshorar tana nan da ranta har Nuwamba, amma da wannan kuskuren a ciki. Na ɗauke shi zamewar hannun mai bugawa ne tunda sauran takardun duk B ne. Duk da haka, ranar da aka yi haɗari kamfanin zai iya cewa ba wannan motar ya yi wa inshora ba. Tunda za ka yi sabuwa da sunanka, naira dubu 15 ce, a tsaya a kan mai bugawar har ya karanto lambar a baki.

Gyara na biyu shi ne ya ɗauki lokaci. Sunan da ke kan shaidar mallaka da lasin ba na Malam Sabo ba ne, na wata Hajiya Binta ce. Ya ce a hannunta ya saya a 2021, bai yi canjin suna ba, kowace shekara da sunanta yake sabunta lasin. Dillalin sai cewa yake, "Ai haka kowa yake yi, Alhaji, rabin motocin garin nan haka suke." Na ce masa na sani, amma ba rabin motocin gari Yayana zai saya ba. Takarda mai sunan wani ba ta nuna mini ko saya aka yi, ko aro, ko jingina, ko motar gado ce da ba a raba ba.

Malam Sabo bai yi gardama ba. Ya kawo yarjejeniyar cinikinsu ta 2021 mai sa hannun shaidu biyu, da shaidar tura kuɗin daga asusunsa zuwa nata. Lambar wayar da ya ba ni ban dogara da ita ba, kowa zai iya ɗauka ya ce shi ne. Na ce mu je gidan da ke rubuce a takardar, a Tarauni. Mun sami mai gidanta, ya yi mana iso, ta fito da katin ɗan ƙasa, suna da hoto suka dace. Ta ce ta sayar, an biya ta duka, ba ta bin sa ko sisi, kuma da kuɗinta ta saya, ba ta hanyar banki ko ƙungiyar ma'aikata ba. Da aka nuna mata sa hannun ta ce nata ne. Har ta yi ƙorafin cewa ya bar sunanta a kan motar da ba ta san inda take kwana ba, kuma tana da gaskiya. Ta amince za ta sa hannu a takardar canjin suna.

Shi kansa Malam Sabo na ga katinsa, na ga gidansa da shagonsa na taya, maƙwabcin shagon ya ce shekaru yana ganin sa da motar. Makulli biyu ne, duka suna tayar da ita.

Saboda haka ga yadda na tsara, in ka amince. Ranar Litinin mu haɗu da Malam Sabo da Hajiya Binta, a yi rantsuwar kotu da takardar canjin suna, a rubuta sabuwar yarjejeniya tsakaninka da Malam Sabo, da cikakkiyar lambar casis da ta inji da ta rajista, a haɗa da hoton katin kowa da tsohuwar yarjejeniyar. Ni da Oga Ɗanladi za mu yi shaida ta ɓangarenka. Bayan an sa hannu, takardun asali da makullai suna hannuna, zan kira ka ka tura kuɗin asusun Malam Sabo mai sunansa. Dillalin ya so a bi ta nasa, na ƙi. La'adarsa daban za a ba shi. A ranar zan kai takardun ofishin lasin a fara mayar da su sunanka.

Ka turo mini hoton katinka da fasfo guda biyu kafin Asabar. A gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Auwalu